Harshen da ba wanda ya rubuta, ta ina aka san kalmominsa?

Tambaya: Malam don Allah a warware min wannan. A aji an ce mana Hausa da Bolanci da Ngizimanci duk kakansu ɗaya, har malaminmu ya rubuta wasu kalmomi a allo da tauraro a gabansu wai na wancan kakan ne. To harshen da ba a rubuta shi ba, ba a naɗi muryar kowa ba, ta yaya aka san kalmominsa? Ni dai ina ganin kamar shaci-faɗi ne. Kuma ni na taso ina jin Hausa daga Larabci ta fito.

Amsa: Malama ai kin yi daidai da kika yi shakka, ni ma ranar da na fara ganin tauraron nan cewa na yi mutanen nan sun raina mana hankali. Abin da ya sauya min tunani shi ne ranar da na gane cewa ba kamanni ake bi ba. Yawancin mutane sun ɗauka zama ake yi a jero kalmomin da suka yi kama a ce to shi kenan 'yan'uwa ne, alhali abin da ake farauta shi ne bambancin da yake maimaita kansa, wato duk inda wannan harshe ya sa sauti kaza sai ki ga wancan ya sa sauti kaza, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Bari mu fara daga cikin gida kafin mu je Yobe, don kayan aikin yana bakinki.

Bakano zai ce sauro, Basakkwace ya ce sabro. Bakano ya ce zauna, can a ce zamna. Ƙauna da ƙamna, auduga da abduga, aure da amre, taushi da tabshi, har Audu da Abdu. Kin ga ba wai kowa yana faɗin abin da ya ga dama ba ne, akwai tsari: inda Kano take da u a ƙarshen gaɓa, yamma tana da b ko m. To yanzu tambayar ita ce wanne ne tsoho? Kakannin da suka haifi duka karin biyu sabro suke cewa ko sauro? Nan ne ɗalibai suke faɗawa rami, sai su ce ai Kananci ne daidaitacciya kuma masu shi sun fi yawa don haka shi ne asali. Yawa ba hujja ba ce a wannan fagen, ko kaɗan. Ki gwada hanyoyin biyu ki gani. In kika ce u ce ta asali, to dole ki bayyana min dalilin da ya sa Sakkwatawa suka mai da ita b a sabro amma suka mai da ita m a zamna, sannan suka ƙyale ta yadda take a ɓauna, ba za ki iya ba sai dai ki ce kowace kalma da nata ra'ayin. Amma in kika juya kika ce b da m ne na asali, doka ɗaya tak ta gama aikin: a gabas baƙin da ake yi da leɓe a irin waɗannan kalmomi in ya zo ƙarshen gaɓa sai ya narke ya koma u. Sautuka biyu ko uku su haɗe su zama ɗaya abu ne da yake faruwa kullum a harsuna, amma sauti ɗaya ya tsage gida uku ba tare da wani dalili a kusa da shi ba, wannan ba a ganin sa. Don haka sai mu rubuta *sabro da *zamna, kuma abin da tauraron yake nufi ke nan: ba mu ji da kunnenmu ba amma lissafi ya kai mu.

Ita ɓaunar da na ambata ma akwai magana a kanta. Kano da Sakkwato duk ɓauna suke cewa, to da kwatanta karin biyu kawai za mu yi da mun ce u ɗin ta asali ce mu wuce. Amma jam'inta fa? Ɓakane. Daga ina k ta fito? Haka zuciya da zukata, haka talaka da talauci. K ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, tana nan tun asali, *ɓakna ne da *talakci, a jam'i wasali ya shigo bayanta ya cece ta, a tilo kuma ta tsaya a ƙarshen gaɓa sai ta narke. Kuma tunda wannan narkewar ta k ta shafi gabas da yamma duka, ita kuwa ta b da m gabas kaɗai ta shafa, to kin samu jerin tarihi ke nan kyauta: ta k ta riga faruwa tun karin ba su rabu ba, ta leɓe daga baya ta zo. Ƙara da farke da fatake, inda t ta koma r a wuri irin wannan. Wani Bajamushe mai suna August Klingenheben ne ya tsara wannan a rubuce wajen 1928, shi ya sa har yau ake ce mata dokar Klingenheben. Ni abin da yake burge ni shi ne tsohuwar da ke ƙauye da ba ta taɓa shiga aji ba tana riƙe da hujjar a bakinta duk sanda ta ce zukata.

To yanzu mu fita waje, aikin dai shi ne wannan, sai dai tazarar ta fi nisa. Ana fara shi ne da tara kalmomin da ba a cika aro ba, sassan jiki, ƙirga daga ɗaya zuwa biyar, ci da sha da mutuwa, ruwa da wuta, ba a farawa da su mota ko littafi. Mu ɗauki Bolanci na wajen Fika da Ngizimanci na wajen Potiskum. Mai a Bolanci mor ne, a Ngizimanci mərak (wannan ə ɗin wani gajeren wasali ne da yake tsakanin i da u, babu shi a rubutun Hausa). Soya a Bolanci surru. Saiwa a Bolanci shorin. Wuya, ta jiki nake nufi, a Ngizimanci wura. Ki tsaya ki kalle su da kyau. Mai da mor in aka ba ki su kaɗai ba za ki ce sun yi wani kama ba, m ce kawai ta haɗa su. Amma da kika jera huɗun sai ga abu ya fito: duk inda Hausa take da y (ko i a ƙarshen gaɓa, abu ɗaya ne) su suna da r. Sau huɗu a wuri ɗaya cikin kalma, da ma'ana ɗaya, ba katari ba ne.

Wanne ne tsoho, r ko y? A nan shaida biyu ce. Ta farko, r ɗin ba a Bolanci da Ngizimanci kawai take ba, tana fitowa a wasu rassa na harsunan Cadi, wato dangin da Hausa da su biyun suke ciki, da ke can Kamaru da ƙasar Cadi waɗanda suka rabu da juna tun da daɗewa, kuma ya fi sauƙi a ce Hausa ita kaɗai ta sauya sau ɗaya da a ce harsuna barkatai da ba sa jin juna kowanne ya tashi ya ƙirƙiro r a kalmomi iri ɗaya. Ki lura wannan ba ƙirga kawuna ba ne irin wanda na hana ki ɗazu, rassa ake ƙirgawa, harsuna goma na reshe ɗaya shaida ɗaya ce. Ta biyu, su ma suna da y tasu a wasu kalmomin, da a ce y ce ta koma r a wajensu ai da ba a bar waɗancan ba. Sai aka ce *r ta koma y a Hausa in ba a farkon kalma take ba, aka rubuta kalmar mai *mar. Paul Newman ne ya fito da wannan doka fili a 1970.

Ga inda daɗin yake, dokar kirki tana biyan ki da abin da ba ki tambaye ta ba. Ɗauki kifi. A Bolanci kerwo ne. Ina r ɗin Hausa, ina ma y ɗin? Ki furta kalmar a hankali, za ki ji ki ɗin farko doguwa ce, kiifii, rubutun boko ne kawai ba ya nuna tsawon wasali. To *kirfi ne ya koma *kiyfi bisa doka, iy kuma a baki ba ta da maraba da doguwar i. Wato tsawon nan da kike ja a kifi kabarin r ne. Ba don kifi aka kafa dokar ba amma ta zo ta bayyana shi, irin wannan ne yake sa mutum ya yarda cewa ba son rai ake bi ba. Za ki ce to ai Hausa cike take da r yanzu, ina ta samo su in duk sun koma y? Tambaya ce mai kyau kuma dole a amsa ta in ba haka ba dokar ta rushe. Wasu daga tsohuwar *l suka zo bayan an gama waccan sauyawar, ki duba harshe da halshe, Bolanci kuma lisim. Wasu daga t da d da ɗ ne irin na farke. Wasu kuma a kalmomin aro suka shigo daga baya lokacin da dokar ta riga ta mutu, don dokar sauti tana da zamaninta, ta yi aikinta ta wuce, duk kalmar da ta iso bayan nan ba ruwanta.

Wani misalin mai sauƙi shi ne ci. Bolanci ti, Ngizimanci ta-. Nan ba sai an wahala ba don har gobe Hausa tana mai da t ta koma c a gaban i da e, mota motoci, sata sace, mutu mace, abin da muke kira ganɗantawa. T ta koma c a gaban i kuwa an gan shi a harsunan duniya ba adadi saboda harshe yana matsawa wajen ganɗa tun kafin a kai ga wasalin, akasin haka kuma da ƙyar ake samu. Sai *ti. Huɗu kuma, wasu ma fuɗu suke cewa, Bolanci poɗɗo, Ngizimanci fəɗu, Newman ya rubuta shi *fwaɗə. Haka ake bi sauti bayan sauti, kalma bayan kalma, har a tara abin da za a ce ga baƙaƙen da kakan yake da su. Newman da Roxana Ma sun fara fitar da irin wannan jeri na Cadi a 1966, a 1977 Newman ya sake shi da kalmomi 150, ya kasa dangin gida huɗu: na yamma inda Hausa take, da Biu-Mandara, da na gabas, da Masa. Kin ga 150 kacal, daga dangin da harsunansa sun haura 150, wato ba ƙamus guda aka tono ba, abin da ya tsallake tankaɗe ne kawai.

Yanzu maganar Larabci, don na san ita ce ta fi ci miki rai. Akwai kamanni iri uku kuma sai an raba su. Na farko katari. Hannu da kalmar Turanci hand sun yi kama, ma'ana ɗaya, amma ki nemo min wasu kalmomi biyar da h ta Hausa take faɗawa kan h ta Turanci, n kan n, babu. Harsuna ba su da sautuka masu yawa, in kika kwatanta dubban kalmomi dole wasu su yi karo. Na taɓa zama a wani taro inda wani bawan Allah ya kawo kalmomi wajen arba'in wai ya gano Hausa daga wani harshen Asiya ta fito, na ce masa ranka ya daɗe wace doka ce ta haɗa ta farko da ta biyu, sai ya ce ai kunne ma ya isa shaida. Wallahi da kunne ya isa da kowa ɗan'uwan kowa ne.

Na biyu aro, kuma shi ne ya fi haɗari don shi kamanninsa na gaske ne. Littafi, alƙalami, alƙali, lahira, ashirin, talatin, duk Larabci ne ba musu. Amma ki duba yadda suka tona kansu: da yawansu sun shigo da al ɗinsu a manne, Bahaushe bai san cewa al ba jikin kalmar ba ce sai ya haɗiye duka, al-kitab ya zama littafi. Sun taru a fannoni sanannu, addini da shari'a da karatu da ciniki. Kuma ƙirgan ma daga ashirin ne ya zama na Larabci, ɗaya zuwa goma namu ne, tsofaffi ma gomiya biyu suke cewa. In kika ga kalma ta yi kama da ta maƙwabci fiye da kima, kamar an kwafa, to ki zarge ta, ɗan'uwa na jini da aka rabu da shi shekaru dubbai da wuya ya zo sak. Matsalar ma ba ta Larabci kaɗai ba ce, Ngizimanci cike yake da aron Barbarci, yanzu kuma duk harsunan Yobe da Bauci suna kwasar Hausa, to in mai bincike ya je ya tambayi saurayi ɗan gari kalma ya ba shi ta Hausa da ɗan sauyin lafazi, shi kuma ya rubuta wai ya samu 'yar'uwar kalmar Hausa, ya kwatanta Hausa da Hausa ke nan bai sani ba. Shi ya sa ake neman tsofaffi, kuma shi ya sa ake gwada kowace kalma da dokokin: in ta gado ce dole a ga tabon dokar a jikinta.

Na uku shi ne gado, kuma akwai shi tsakanin Hausa da Larabci, sai dai ba irin na uwa da 'ya ba. Ɗauki mutu da mata na Larabci, mautu. Wani zai ce aro ne. To Bolanci motu, Ngizimanci mətu, harshen Dera da ake ce wa Kanakuru na wajen Shani da Shelleng kuma muri, don a can t tsakanin wasula tana komawa r, wato kalmar tana cikin harshen tun kafin waccan doka ta yi aiki. Tana cikin harsunan duwatsu waɗanda Larabci bai kai gare su ba sai kwanan nan, tana cikin harshen Buzaye, kuma Misirawan dauri sun rubuta ta da baƙaƙen m-w-t dubban shekaru kafin Musulunci. Ƙara da abin da ba a cika aro ba sam: gidanka, gidanki, gidanku, ki ajiye su kusa da baituka, baituki, baitukum. Ya zo, ta zo, kusa da yaktubu, taktubu. Mutane suna aron sunan kaya amma da wuya su ari ka da ki da ku a jere. Abin da wannan yake nunawa shi ne kakan harsunan Cadi da kakan su Larabci da Ibrananci su ne 'yan'uwa, a babban dangin da Joseph Greenberg ya sa wa suna Afro-Asiya, littafinsa na 1963 ne ya tabbatar da Cadi a ciki. Da daga Larabci Hausa ta fito da an samu dokokin da za su ɗauki arba'a su kai ta huɗu, su ɗauki ainu su kai ta ido, babu su. Amma ido a Bolanci ido ne.

Sauran tambayarki ita ce wa ya tabbatar hanyar tana faɗin gaskiya tunda ba mai tashi daga kabari ya gyara mana. An gwada ta a inda amsar take a rubuce. Takwas a Italiyanci otto, Sifaniyanci ocho, Fotugis oito, Romaniyanci opt. Madara kuma latte, leche, leite, lapte, dare ma haka yake tafiya. Ko ba ki san komai ba za ki ce akwai wani baƙi kafin t wanda kowa ya yi yadda ya yi da shi, kuma i ɗin Fotugis da c ɗin Sifaniyanci suna nuna wajen k. A buɗe littattafan Latin sai ga octo, da k ake furta shi. Wanda ya fi wannan ban mamaki, a 1879 Ferdinand de Saussure yana saurayi ya ce lissafi ya nuna masa kakan harsunan Indiya da Turai yana da wasu sautuka da babu harshe ɗaya da ya riƙe su, tabonsu kawai suka bari a jikin wasula, irin dai labarin kifinmu. Mutane da yawa ba su ɗauka ba. A 1915 aka warware rubutun Hittiyawa na allunan yumɓu da aka tono a Turkiyya, a 1927 Jerzy Kuryłowicz ya nuna ga wani baƙi nan a rubuce a wuraren da Saussure ya ce akwai abu. Shi Saussure ya rasu tun 1913 bai gani ba.

Amma kar ki ɗauka komai ake samowa, Latin ɗin nan ita ta nuna mana iyakar. Latin tana da h, duk 'ya'yanta sun yar da ita a furuci tun da wuri, da babu rubutu da ba mai sanin ta taɓa wanzuwa. Abin da duka 'ya'ya suka zubar bai bar tabo ba ya tafi ke nan. Mu ma ga namu: ruwa a Bolanci amma, a Ngizimanci am, haka a harsunan Cadi da yawa, don haka *am ce tsohuwar kalmar, Hausa ce ta sauya ta da ruwa. An gano ta ne don wasu sun riƙe, da kowa ya yi irin na Hausa fa? Kuma hanyar tana ba ki jeri ne, wannan ya riga wancan, ba ta ba ki shekara, duk wanda ya ce miki an yi kakan Cadi shekara kaza daidai to daga wata hanya ya samo ba daga wannan ba. Baƙaƙe sun fi zama daram, wasula kuwa har yau ana ja, Newman ya ce ba su wuce huɗu ba mai yiwuwa ma biyu ne, Ekkehard Wolff yana ganin ko hakan ma an yi yawa, karin sauti kuma ba a ma kai ga daidaitawa ba. Don haka in kika ga *fwaɗə a allo, f ɗin da ɗ ɗin ki riƙe su da ƙarfi don shaidunsu suna da yawa, wasalin ƙarshen kuwa da fensir za ki rubuta shi.

In kina son ki ji abin a hannunki, ki samu wata ƙawarki Babola ko Bangizima, ko ma Bakarekariya, ku zauna ki tambaye ta kalmomi talatin na jiki da ƙirga da aikatau na yau da kullum, ki ce ta tambayo kakarta in ta yi shakka. Ki rubuta na Hausa a gefe, ki soke duk wadda ta zo sak da Hausa ko ta fara da al, sannan ki ja layi ƙarƙashin duk y da doguwar i ta Hausa ki duba me yake zaune a wurin a nata.